Satifiket ɗin nazarin bayanai na intanet: me mai ɗaukar aiki yake gani a cikinsa?

*Tambaya: Yaya, na karanta tattalin arziki, na gama bautar ƙasa bara. Wata biyar ke nan ina kwas ɗin Google Data Analytics a Coursera, saura kaɗan in kammala. Wata ƙawata ta ce masu ɗaukar aiki ba sa ko kallon irin wannan satifiket. Da gaske ne? In ƙarasa ko in haƙura?*

Ƙanwata, ki ƙarasa. Amma ki san abin da takardar za ta yi miki da abin da ba za ta yi ba, don kada ki ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Na yi shekaru ina shugabantar sashen nazarin bayanai a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, kuma ni nake zama a kan teburi idan za a ɗauki sabon ma'aikaci a sashen. Idan na ga wannan satifiket a takardar neman aiki, abin da nake karantawa shi ne: mutumin nan ya zauna wata da watanni da kuɗin datarsa da cajin wayarsa, ya fara abu ya kai ƙarshe, ya san sunayen kayan aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Amma ba na karanta cewa ya iya aikin. Wannan sai na gani da idona.

Dalilin yana cikin yadda ake samun takardar. Google ta fito da kwas ɗin a 2021, an tsara shi a gama cikin kusan wata shida idan ana ba shi ƙasa da awa goma a mako. Koyarwar tana da kyau, ba na kushe ta. Ta bi da ke ta Excel da Google Sheets, ta SQL, ta Tableau, ta kuma ɗan tsoma ki cikin rubuta lambar kwamfuta. Sai dai ke da kanki kin san yadda gwaje-gwajen suke. Tambayoyi ne na zaɓi ɗaya daga cikin amsoshi, ba mai tsaye a kanki, in kin faɗi ki sake, kuma amsoshin a warwatse suke a intanet ga duk mai neman hanyar ratse. Wanda ya yi gumi da wanda ya kwafa, takarda iri ɗaya suke fitowa da ita, launi ɗaya, tambari ɗaya. Zan iya danna mahaɗin Coursera ko na Credly, shafin da ake ajiye shaidar satifiket, in tabbatar takardar ba ta bogi ba ce, amma ba zai gaya mini wanda ya zauna gaban allon ba. Ba zargin ki nake ba. Takardar ce ba ta da hanyar raba ki da wanda ya yi ha'inci, saboda haka dole in nemi wata hanyar.

Za ki ji ana cewa ai Google da kanta ta ce za ta ɗauki irin wannan satifiket daidai da digiri na shekara huɗu wajen ɗaukar ƙananan ma'aikata a fannonin da suka dace. Ta faɗa, a 2020. Ta kuma haɗa ƙungiyar kamfanoni sama da 150 a Amurka, irin su Walmart da Deloitte da Verizon, waɗanda suka yarda su duba masu takardar. Ki lura da abu biyu. Alkawarin dubawa ne, ba na ɗauka ba. Kuma tsarin na kasuwar aikin Amurka ne. A nan gida, banki ko ma'aikatar gwamnati ko babban kamfani digirinki ko babbar difloma da takardar kammala bautar ƙasa za su fara tambaya, kuma satifiket ɗin intanet ba ya maye gurbinsu. Ke kina da su, don haka naki ƙari ne a kan tushe, kuma digirin tattalin arziki ya riga ya ba ki ƙididdigar da kwas ɗin bai zurfafa a ciki ba.

Inda takardar take aiki sosai shi ne ƙofar farko. Kafin takardun masu nema su iso gare ni, jami'in kula da ma'aikata ne yake tace su, kuma shi ba manazarci ba ne. Abin da na rubuta masa yake nema: SQL, Excel, Power BI. Mai digirin tarihi ko kimiyyar halittu da ba abin da ya haɗa takardarsa da alƙaluma, satifiket ɗin ne yake sa a tsaya a kansa maimakon a wuce. To daga nan aikinsa ya ƙare. Da an kira ki ganawa, ba wanda zai sake waiwayar sa.

Bari in nuna miki abin da ke faruwa a ɗakin, don nan ne maganar take. Ina ba kowa laftof da teburan bayanai guda biyu irin na aikinmu na kullum. Na farko sunansa `oda`, kowane layi kayan da shago ɗaya ya karɓa ne. Na biyu sunansa `biya`, kowane layi kuɗin da aka kawo ne. Tambayata ɗaya: nawa kamfani yake bin kowane shago bashi? Ainihin teburan suna da layuka da yawa, amma zan rage miki su zuwa oda uku don ki ga ramin da kyau.

Shagon farko ya karɓi kayan naira 500,000, ya biya sau uku: 200,000, sannan 200,000, sannan 100,000. Ba a bin sa ko sisi. Shago na biyu ya karɓi na 300,000, ya biya lokaci ɗaya. Shago na uku ya karɓi na 200,000, bai kawo komai ba tukuna. Ko da biro da takarda kin ga amsar: an sayar da kayan miliyan ɗaya, an karɓi 800,000, ana bin shago na uku 200,000.

Ga abin da mafi yawan waɗanda suka fito daga kwas suke rubutawa:

```sql
SELECT o.shago, SUM(o.kudi) - SUM(b.adadi) AS bashi
FROM oda o
JOIN biya b ON b.oda_id = o.oda_id
GROUP BY o.shago;
```

Rubutun ba kuskure a nahawunsa, kwamfuta za ta karɓa ta fitar da amsa ba tare da ta yi ƙorafi ba. Amsar kuwa ita ce ana bin shagon farko naira miliyan ɗaya, shago na biyu ba a bin sa, shago na uku kuma ba ya cikin jerin kwata-kwata. Abin da ya faru shi ne, da aka haɗa teburan, odar shagon farko ta maimaitu sau uku, sau ɗaya ga kowane biya, sai 500,000 ta zama 1,500,000. Aka cire 500,000 da ya biya, ya rage miliyan ɗaya da babu ita a duniya. Shago na uku kuma, tunda ba shi da layi ko ɗaya a teburin biya, `JOIN` ta yar da shi. Wato mutumin da ya biya kuɗinsa cas an mayar da shi babban mai cin bashi, wanda ake bi da gaske kuma ya ɓace.

Ki tsaya ki yi tunanin wannan rahoto ya fita daga ofis. Gobe da safe an tura yaron karɓar kuɗi wurin Alhajin da ya shekara goma yana sayen kayanmu, a gaban yaransa na shago a ce masa ana bin sa miliyan. Ba zai sake karɓar kayanmu ba, kuma da gaskiyarsa. Wannan ne abin da nake tsoro idan zan ɗauki mutum, kuma satifiket ba ya cire mini wannan tsoron.

Gyaran ba wuya. A fara tara biyan kowace oda wuri ɗaya, sannan a haɗa ta hanyar da ba za ta zubar da wanda bai biya ba:

```sql
SELECT o.shago, SUM(o.kudi - COALESCE(b.jimla, 0)) AS bashi
FROM oda o
LEFT JOIN (
  SELECT oda_id, SUM(adadi) AS jimla
  FROM biya GROUP BY oda_id
) b ON b.oda_id = o.oda_id
GROUP BY o.shago;
```

Kwas ɗinki ya koya miki `LEFT JOIN`, na tabbata kin amsa tambaya a kansa kin ci. Abin da bai sa ki saba da shi ba shi ne zargin amsarki. Ba na damuwa idan mutum ya rubuta na farkon, kowa yana faɗawa wannan rami, ni ma na faɗa a farkon aikina. Abin da nake kallo shi ne minti biyar da suka biyo baya. Shin ya ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, ya ga uku sun koma huɗu, ya tambayi kansa daga ina na huɗun ya fito? Shin ya duba jimlar ciniki a teburin `oda` shi kaɗai, ya ga miliyan ɗaya ce, alhali bayan haɗawa ta zama 1,800,000? Shin ya ɗauki shago ɗaya ya lissafa da hannu ya gwada da abin da kwamfuta ta ba shi?

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Ta rubuta na farkon, amsa ta fito, ta yi shiru tana kallon allon, ta sa yatsa a kan layin shagon farko. Sai ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, bashin nan ya fi kayan da ya karɓa yawa, akwai abin da na ninka." Ba ta ma tuna yadda ake rubuta gyaran ba, sai da na ɗan taimaka mata. Ita na ɗauka. A ranar akwai wanda ya jera satifiket bakwai a takardarsa, ya miƙo mini miliyan ɗayan nan da zanen dashbod mai kyau a kai, bai ji komai a ransa ba. Ita ma tana da satifiket ɗin Google, kuma shi ya sa aka kira ta. Amma ba shi ya ba ta aikin ba.

Wannan ya kawo ni kan aikin ƙarshe na kwas ɗin, wanda za ki tarar nan gaba kaɗan. Za a ba ki zaɓi, kuma mafi yawan mutane suna ɗaukar ɗaya daga biyu: Cyclistic, kamfanin hayar kekuna na ƙirƙira da aka gina kan bayanan kekunan birnin Chicago, ko Bellabeat, mai amfani da bayanan agogon motsa jiki na mutane kusan talatin. Ki yi shi don koyo, yana da amfani. Amma kada ki sa ran zai burge mai ɗaukar aiki. Na ga Cyclistic har na haddace abin da zai fito: masu rajistar shekara suna hawa ranakun aiki, masu hayar lokaci-lokaci sun fi yawa a ƙarshen mako kuma sun fi daɗewa a kan keke. Tambayar an ba ki ita, matakan an jera miki, kuma ɗaruruwan amsoshi suna Kaggle da GitHub, shafukan da mutane ke ɗora ayyukansu. Haka bayanan jirgin Titanic. Idan na gan su a kundin ayyukan mutum, matsalar satifiket ce ta dawo: ban san nasa ba ne ko na wani.

Abin da yake sa in gyara zama shi ne aikin da ba wanda ya taɓa yi sai ke. In kina da ɗan uwa mai shago a Singa ko Kantin Kwari, ko mai kemis a unguwa, ki roƙe shi littafin cinikinsa na wata shida, da alkawarin za ki cire sunayen mutane. Ki shigar da shi da hannunki. Nan za ki haɗu da abin da muke fama da shi kullum. Unguwa ɗaya an rubuta ta "Sabon Gari" a nan, "S/Gari" a can, "Sabongari" a wani shafin, kwamfuta kuma tana ƙirga su wurare uku. Kwanan wata 03/04/2024, mai shagon yana nufin uku ga Afrilu, Excel ɗin da aka saita da tsarin Amurka ta karanta huɗu ga Maris, cinikin wata guda ya koma wani watan ba ki sani ba. Lambar waya ta rasa sifirinta na farko saboda an ɗauke ta a matsayin adadi. Shinkafa wani lokaci da buhu, wani lokaci da kwano. Bayan kin tsabtace, ki amsa tambayar da ta dami mai shagon da gaske: wane kaya ne yake kwana a shago ya riƙe jari, su wa suka fi jinkirin biya, wace rana ya kamata a yi sari. In ba ki sami shago ba, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci jiha-jiha, kuma shafin HDX yana ɗauke da farashin kasuwanni da Hukumar Abinci ta Duniya take tattarawa. Can ma ma'aunai sun sha bamban, akwai kuma watannin da ba a cike ba, don haka aikin gaske ne.

Sannan ki rubuta shafi ɗaya kawai: ga tambayar, ga inda bayanan suka fito, ga abin da na tarar ya lalace da yadda na gyara, ga abin da na gano, ga abin da bayanan ba za su iya faɗa ba. Wannan sashe na ƙarshe ina ba shi muhimmanci ƙwarai. Wanda ya rubuta cewa littafin ba shi da cinikin makon Sallah don yaron shago bai rubuta ba, saboda haka kada a dogara da jimlar wannan watan, ya nuna mini irin hankalin da nake biya albashi dominsa. Kuma a ganawa zan yi ta tono a kan aikin nan: me ya sa kika cire waɗannan layuka, me zai canza da kin bar su? Wanda ya yi da hannunsa yana amsawa cikin sauƙi har da ƙarin labari. Wanda ya kwafa, tambaya ta biyu take tsayar da shi.

Ba duka satifiket ne suke da nauyi ɗaya ba, kuma ma'aunin shi ne abin da na faɗa tun farko: an tsaya a kan mutum ko ba a tsaya ba. Na Udemy da na LinkedIn Learning galibi shaidar an kalli darussa ce har ƙarshe. Na Google da na IBM a Coursera sun ɗara su, don akwai gwaje-gwaje da ayyuka, amma ba mai gadi. Jarrabawar Microsoft ta PL-300, wadda take kan Power BI, daban take. Ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake zama, ko a cibiya ko a gida da kyamara a kunne. Sai kin nuna katin shaida, kin ɗauki hoton ɗakin, kin kwashe komai daga kan teburi, wani yana kallon ki har ki gama. Ana cin ta da maki 700 cikin 1,000, kuma duk shekara sai an sabunta ta da wani ɗan gwaji na kyauta a Microsoft Learn. Idan na ga wannan, na san aƙalla mai sunan ne ya zauna, kuma ya san kayan aikin Power BI irin su Power Query da DAX, da yadda ake haɗa tebura. Ko ita ba ta hana ni ba da gwajina, don akwai masu haddace tambayoyin da aka sato, amma ina fara ganawar da kyakkyawan zato. In tallan ayyukan da kike gani suna yawan ambaton Power BI, ita ce ta cancanci kuɗinki na gaba. Shawarata ki zauna a cibiya, don ɗaukewar wuta ko yankewar intanet a tsakiyar jarrabawar gida na iya jawo miki asarar zaman.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki gama wannan ki shiga wani kwas na masu farawa, ki gama ki shiga wani. Na san daɗin da ke ciki, kowace sabuwar takarda tana sa mutum ya ji ya matsa gaba. Amma na Google da na IBM da na ukunsu kusan abu ɗaya suke koyarwa, kuma jerin takardu shida ba tare da aiki ko ɗaya ba yana sa in yi tunanin mutum yana jin tsoron bayanan da ba a share masa ba. Haka nake kallon waɗanda suka fito daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da matasa kan fasahar zamani da makamantansa: na ji daɗi sun samu horo, sai in ce su nuna mini abin da suka gina.

Ki kuma duba inda kike nema. Ƙungiyoyin agaji da na lafiya da ke aiki a Kano da Maiduguri da Sakkwato suna ɗaukar jami'an bibiya da tantance ayyuka, kuma abin da suke tambaya shi ne Excel mai ƙarfi, KoboToolbox na tattara bayanai a fili, wani lokaci DHIS2 da ake amfani da shi wajen bayanan asibitoci. Kwas ɗin Google bai taɓo biyun ƙarshe ba. KoboToolbox kuwa kina iya buɗe asusu kyauta ki tsara fom ki gwada a wayarki cikin 'yan kwanaki, kuma jin Hausarki a wurin tattara bayanai daga bakin mutane abu ne da suke nema da gaske. Ayyukan ƙasashen waje da ake yi daga gida su ne suka fi tsanani: masu nema daga ko'ina suke, da yawansu da takarda irin taki, don haka gwajin SQL da kundin ayyuka ne kawai suke raba gardama.

A takardar neman aikinki, satifiket ɗin layi ɗaya ya ishe shi, can ƙasa bayan karatu, da shekara da mahaɗin tabbatarwa. Kada ki sa shi a sama, kada kuma ki kira kanki ƙwararriya saboda shi, don hakan yana sa mai ganawa ya tsananta tambaya. Saman takardar na aikin shagon nan ne, a jimla biyu: kin tsabtace cinikin wata shida, layi kaza, kin gano kaya kaza ne suke riƙe kaso kaza na jari, mai shagon ya rage sarinsu. Ki sa ainihin alƙaluman da kika samu, waɗanda za ki iya karewa in an tambaye ki.

Saura wata ɗaya ki gama, to ki gama. A daren yau kuma, ki buɗe BigQuery ɗin da kuke amfani da shi a kwas, ki ƙirƙiri teburan nan biyu da oda uku da biya huɗu, ki rubuta tambayar farko tare da sa sunan dataset ɗinki a gaban sunan kowane teburi, ki ga miliyan ɗayan nan ta fito da idonki. Sannan ki rufe gyaran da na ba ki, ki nemo shi da kanki.